Auna faɗin fili da nisa a QGIS: wane CRS ya dace da Katsina da Daura?

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga ɗaliban safiyo, malaman gona da ma'aikatan ƙasa da ke amfani da QGIS a Jihar Katsina. Sunayen maɓallai da umarni mun bar su yadda suke a allon kwamfuta.

Me ya sa gona ɗaya take ba ni faɗi iri uku a QGIS?

Saboda duniya a dunƙule take, taswira kuwa a shimfiɗe. Wanda ya yi ƙoƙarin daddale ƙwarya ta kwanta a ƙasa ya san dole wani gefe ya tsage ko ya miƙe. Kowane tsarin shimfiɗa taswira yana zaɓen abin da zai kiyaye da abin da zai sadaukar: wani ya kiyaye siffa ya ɓata faɗi, wani ya kiyaye faɗi ya murɗe siffa. QGIS na kiran tsarin da aka rubuta lambobin wuri da shi `CRS`, kuma kowanne yana da lambarsa, galibi mai farawa da `EPSG`.

Ɗauki gona a gefen Daura, mita 400 gabas da yamma, mita 250 kudu da arewa. Faɗinta murabba'in mita 100,000 ne, wato hekta 10 cif. Idan iyakarta tana `EPSG:32632` ka lissafa faɗin a shimfiɗe, za ka samu kusan murabba'in mita 99,934. Idan tana `EPSG:3857`, za ka samu kusan 106,000. Idan kuma tana `EPSG:4326`, abin da zai fito shi ne wajen 0.0000083, domin an lissafa da digiri, ba da mita ba. Gonar ba ta motsa ba. Na farko ya rage murabba'in mita 66, abin da ba mai lura da shi a gona. Na biyu ya ƙara wa mai gonar fiye da rabin hekta da babu ita. Na uku ba shi da amfani ko kaɗan.

To wanne zan zaɓa idan aikina a Jihar Katsina yake?

`EPSG:32632`, wanda sunansa a jerin QGIS `WGS 84 / UTM zone 32N`.

Tsarin UTM ya yanka duniya shiyya 60, kowace mai faɗin digiri 6 daga yamma zuwa gabas. Shiyya ta 32 ta kama daga digiri 6 zuwa digiri 12 gabas, tsakiyarta na kan digiri 9. Birnin Katsina yana wajen digiri 7.6 gabas, Daura wajen digiri 8.3, kuma jihar gaba ɗayanta, daga Jibiya zuwa Ɓaure, daga Funtuwa zuwa Mai'aduwa, tana cikin wannan shiyya. Wannan sa'a ce da ba kowace jiha ta samu ba, don Nijeriya ta ratsa shiyyoyi uku: ta 31, ta 32 da ta 33. Harafin `N` na ƙarshe yana nufin arewa da layin da ya raba duniya biyu.

UTM ma yana da nasa kuskuren, sai dai ƙarami ne kuma sananne. A kan layin tsakiyar shiyya an rage sikeli da gangan zuwa 0.9996, wato kowace kilomita ta gaskiya tana fitowa da ragin santimita 40. Kana nisa da layin ragin na raguwa, har ya ɓace a wajen kilomita 180 daga tsakiya, daga nan kuma ya koma ƙari. Daura na da nisan kusan kilomita 74 daga layin, shi ya sa ragin can yake wajen santimita 33 a kilomita. Birnin Katsina na da nisan kusan kilomita 152, raginsa wajen santimita 12 ne kawai. Ga auna gona, tsawon bututun ruwa, ko nisan ƙauye da asibiti, wannan bai kai abin damuwa ba.

Na sa hoton tauraron ɗan'adam ina zana iyakar gona a kansa. Me ya sa ake cewa in yi hattara da `EPSG:3857`?

Taswirorin intanet irin su OpenStreetMap da hotunan tauraron ɗan'adam da ake jawowa ta `XYZ Tiles` suna zuwa ne a `EPSG:3857`. A saitin da QGIS ke zuwa da shi, aiki sabo yana ɗaukar CRS na leyar da aka fara sakawa. Mutum ya fara da hoton, aikin ya koma `EPSG:3857` bai sani ba, sannan ya buɗe sabuwar leya ya bar ta a kan tsarin aikin. Abin da ke ruɗi shi ne lambobinsa da mita suke, sai a ɗauka mitar gaskiya ce.

Mitarsa kusan gaskiya ce a kan layin da ya raba duniya biyu kaɗai. Kana yin arewa tana kumbura. A digiri 13 arewa, inda Katsina da Daura suke, nisan gabas da yamma yana ƙaruwa da wajen kashi 2.6 cikin ɗari, na kudu da arewa kuma da wajen kashi 3.3. A gonar nan ta Daura, mita 400 ta zama 410.5, mita 250 ta zama 258.2, faɗin ya haura da kusan kashi 6 cikin ɗari. Ƙungiyar manoma mai hekta 500 za ta tashi da hekta 30 na bogi, kuma a kan wannan adadi za a yi lissafin taki, iri ko diyya. Nisan Katsina zuwa Daura a miƙe, kusan kilomita 78, zai ƙaru da wajen kilomita biyu.

Hoton kansa ba shi da laifi. Ka bar shi a ƙasa kana kallo, amma leyar da kake zana iyaka a cikinta ka ƙirƙire ta a `EPSG:32632`, aikin ma ka mayar da shi can. QGIS zai juya hoton ya dace da allon da kansa.

Na canza CRS a kusurwar dama ta ƙasan allo, amma lambobin faɗi ba su canza ba. Me ya faru?

Abin da ka canza CRS na aiki ne, wanda ke tafiyar da yadda ake nuna taswira a allo. Kowace leya tana da nata CRS dabam, wanda lambobinta suke rubuce da shi a cikin fayil. QGIS na juya leyoyi nan take don su hau kan juna a allo, amma bai taɓa abin da ke cikin fayil ba. Galibin kayan aikin da ke `Processing Toolbox` kuwa da CRS na leya suke aiki, ba na aiki ba.

Ga kuma wani dalili: idan ka riga ka lissafa faɗi ka ajiye a shafin teburin bayanai, lambar ta zauna ke nan. Ko ka sauya tsari, ko ka gyara iyakar gonar, ba za ta sabunta kanta ba sai ka sake lissafi, sai fa idan shafin `virtual field` ne.

Mene ne bambancin `Set Layer CRS` da `Reproject Layer`? Ba abu ɗaya suke yi ba?

A'a, kuma nan ne aka fi yin ɓarna.

`Set Layer CRS` ba ya taɓa lambobi. Yana gaya wa QGIS ne kawai cewa lambobin nan a wane tsari aka rubuta su. Amfaninsa ɗaya: lokacin da leya ta zo ba ta da CRS, kamar fayil ɗin `.shp` da aka turo ba tare da `.prj` ba, wanda za ka ga alamar tambaya a gefen sunansa, ko lokacin da aka laƙaba mata wanda ba nata ba. `Reproject Layer` shi ne yake lissafa sabbin lambobi ya fitar da sabuwar leya.

Ka ce wurarenka na GPS suna `EPSG:4326`, ɗaya yana 7.6 gabas, 12.99 arewa. Idan ka danna `Set Layer CRS` ka zaɓi `EPSG:32632`, ka gaya wa QGIS cewa wurin yana mita 7.6 da mita 12.99 daga mafarin shiyyar. Sai leyar ta ɓace daga Katsina, ta faɗa cikin tekun da ke kudu da Nijeriya, gonakin duka su dunƙule su zama ɗigo guda. Maganin shi ne ka mayar mata da `EPSG:4326` ta hanyar da ka bi, sannan ka bi hanyar da ta dace:

Buɗe `Vector` sai `Data Management Tools` sai `Reproject Layer`. Zaɓi leyar a `Input layer`, sa `EPSG:32632` a `Target CRS`, ka ba ta sunan fayil don kada ta zama ta wucin gadi, wadda ke ɓacewa idan an rufe aikin. Ko ka danna leyar da maɓallin dama, `Export` sai `Save Features As`, ka zaɓi CRS ɗin a nan. Bayan haka duba `Information` a cikin `Layer Properties`: ya kamata ka ga mita a wurin ma'auni, lambobin iyaka kuma su zama dubu ɗaruruwa a gabas, fiye da miliyan ɗaya a arewa. Yana da kyau ka sa lambar tsarin a sunan fayil, kamar `gonaki_32632.gpkg`, don wanda zai karɓi aikin bayanka.

`$area` da `area($geometry)` suna ba ni lambobi dabam. Wanne ne daidai?

Kowanne da abin da yake aunawa. `area($geometry)` yana lissafi a shimfiɗe, da lambobin leyar yadda suke, a ma'aunin CRS ɗinta. Leya mai digiri ta ba ka murabba'in digiri, leyar `EPSG:3857` ta ba ka kumburarren faɗi, leyar UTM ta ba ka faɗin UTM. `$area` kuwa yana duba saitin aikin: idan an zaɓi siffar duniya a `Project` sai `Properties` sai `General`, ƙarƙashin `Measurements`, a akwatin `Ellipsoid`, to yana auna faɗin a kan dunƙulalliyar duniya, ko da wane CRS leyar take. A gonar Daura zai ba da 100,000 ko kusa da haka ƙwarai, ko leyar tana `EPSG:4326`, ko `EPSG:3857`. Haka bambancin yake tsakanin `$length` da `length($geometry)`.

Wannan ya sa `$area` ya fi dacewa da yawancin mutane, amma da sharaɗi biyu. Na farko, akwatin `Ellipsoid` ya nuna `WGS 84`. Idan ya nuna `None / Planimetric`, `$area` ya koma lissafin shimfiɗe, kariyar ta tafi. Na biyu, `$area` yana bin ma'aunin da aka sa a `Units for area measurement`. Idan an sa hekta a can, hekta zai ba ka kai tsaye. Wanda ya sake raba shi da 10,000 bisa al'ada zai ga gonar hekta 10 ta zama 0.001. Matsalar ita ce saitin yana cikin fayil ɗin aiki, don haka umarni ɗaya na iya ba mutum biyu amsa biyu a kwamfuta biyu.

Idan kana so lissafin ya tsaya da ƙafarsa, ba ruwansa da saitin kowa, rubuta wannan a `Field Calculator` ga leyar da ke `EPSG:4326`, zai ba ka hekta a ma'aunin UTM:

```
area(transform($geometry,'EPSG:4326','EPSG:32632')) / 10000
```

Ka sa nau'in shafin ya zama `Decimal number`, ka ba shi gurbi biyu ko uku bayan ɗigo. Idan ka bar shi a lamba cikakkiya, gonar hekta 0.4 za ta fito 0. Mai son eka ya ninka hekta da 2.471.

Ma'aunin hannu da ke saman allo ma yana da zaɓi biyu, `Cartesian` da `Ellipsoidal`. Gwada duka biyun a kan gona ɗaya hanya ce mai sauri ta gane halin da aikinka ke ciki: idan bambancin ya kai kashi 6 cikin ɗari, kana `EPSG:3857`, idan bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba, kana UTM na shiyyarmu.

Idan `$area` yana gyara komai, me zai sa in wahalar da kaina da sauya leya?

Domin ba faɗi kaɗai ake lissafawa ba. Idan kana so ka zana da'irar mita 500 kewaye da kowace rijiyar burtsatse da `Buffer`, kayan aikin zai ɗauki lambar da ka rubuta a ma'aunin leyar. A leya mai digiri, 500 na nufin digiri 500, sai siffar ta rufe duniya. QGIS na sa ƙaramar alamar gargaɗi a gefen akwatin nisan, mutane da yawa ba sa kula da ita. Wasu kan yi dabarar mayar da mita digiri da hannu, amma digiri ɗaya a nan kusan kilomita 110.6 ne kudu da arewa, kusan 108.5 gabas da yamma, don haka da'irar ba za ta fito daidai ba ta kowane gefe. Haka lamarin yake ga yanka fili gida-gida da `Create grid`, da lissafin gangaren ƙasa daga hoton tudu da kwari: tsayi da mita, faɗin ƙwayar hoto da digiri, sai `Slope` ya nuna kusan ko'ina a matsayin tsauni a tsaye. Irin wannan hoton ana sauya shi ta `Raster` sai `Projections` sai `Warp (Reproject)`. Ga tsayin ƙasa zaɓi `Bilinear`. Ga hoton da lambobinsa rukuni ne, kamar gona, daji da ruwa, zaɓi `Nearest Neighbour` don kada a gauraya rukunai a haifar da wanda babu shi.

An ba ni takardar safiyo da lambobin duwatsun iyaka, amma sun kauce daga hoton. Safiyon ne ya yi kuskure?

Kafin ka zargi kowa, duba datum, wato siffar duniya da mafarin da aka ɗora lambobin a kansu. Taswirori da takardun safiyo na Nijeriya da yawa, musamman tsofaffi, an yi su ne a kan datum na Minna, wanda ke amfani da siffar duniya ta Clarke 1880, ba ta WGS 84 da GPS ke amfani da ita ba. Akwai `Minna / UTM zone 32N`, lambarsa `EPSG:26332`, wanda lambobinsa suka yi kama da na `EPSG:32632` sosai har ido ba ya rarrabewa. Idan ka shigar da lambobin Minna ka ce na WGS 84 ne, filin zai kauce a yankinmu da wajen mita 80 ta gabas da yamma, da fiye da mita 100 ta kudu da arewa. Alamarsa ita ce duk duwatsun sun kauce gefe ɗaya, da nisa ɗaya, siffar filin kuma ba ta lalace ba. Faɗin zai fito kusan daidai, wurin ne ba daidai ba, abin da ke iya ɗora filin wani a kan na maƙwabcinsa.

Akwai kuma tsarin ƙasa mai ɗamara uku, yamma, tsakiya da gabas. Katsina na cikin ta tsakiya, `Minna / Nigeria Mid Belt`, lamba `EPSG:26392`, wadda layin tsakiyarta ke kan digiri 8 da rabi gabas, sikelinta 0.99975.

Idan takardar ta faɗi tsarinta, shi za ka sa lokacin shigar da lambobin, sannan ka yi `Reproject Layer`. QGIS na iya buɗe taga ya nuna hanyoyin juyawa daga Minna zuwa WGS 84, kowace da kimar kuskurenta. Kuskuren nan na mitoci ne, ba na santimita ba. Ya isa ga taswirar tsare-tsare, amma bai isa a kafa dutsen iyaka ko a yanke rigimar fili da shi ba. Wannan aikin safiyo mai lasisi ne da na'urarsa a filin.

Fayil ya zo ba CRS. Ta yaya zan gane nasa?

Girman lambobin yakan tona asiri. Ga tsakiyar birnin Katsina, kusan haka suke: a `EPSG:4326`, 7.6 da 12.99, a UTM shiyya ta 32, wajen 348,000 da 1,436,000, a `EPSG:26392`, wajen 573,000 da 994,000, a `EPSG:3857`, wajen 846,000 da 1,459,000. Ga Daura a UTM, wajen 426,000 da 1,441,000. Zaɓi wanda ya yi kama, sa shi da `Set Layer CRS`, ka duba ko wani abu da ka sani, mahaɗar titi ko kusurwar makaranta, ya hau wurinsa a hoto. Tsakanin UTM na Minna da na WGS 84 wannan gwajin ne kaɗai zai raba gardama.

Kurakurai biyu suna da alamar da ba a mantawa. Idan ka sa shiyya ta 31 ga lambobin shiyya ta 32, Katsina za ta koma kilomita 650 yamma, kudu maso yammacin Yamai, wajen iyakar Nijar da Burkina Faso. Idan kuma wajen shigar da fayil ɗin `.csv` ka musanya shafuka, ka sa lambar arewa a `X field` da ta gabas a `Y field`, wurarenka za su bayyana a ƙasar Kamaru. `X field` na lambar gabas ne, ƙaramar a wajenmu, 7 ko 8.

Aikina ya wuce Katsina, ya haɗa jihohin Arewa ko ƙasar duka. UTM zai yi?

Idan ka ɗan tsallaka iyakar shiyya, ba komai, ci gaba da shiyya ɗaya. Amma kuskuren na girma da sauri. Birnin Katsina da aka sauya daidai zuwa shiyya ta 31 zai samu ƙarin wajen mita 2.7 a kowace kilomita, faɗi kuma ya ƙaru da rabin kashi ɗaya cikin ɗari, ga shi kuwa digiri 1.6 kawai yake daga bakin shiyyar. Taswirar da ta kama daga Kebbi zuwa Borno ta ratsa shiyyoyi uku, babu ɗaya da za ta ɗauke ta lafiya.

Ga kwatanta faɗi a irin wannan yanki, ko dai ka dogara da `$area` tare da `WGS 84`, ko ka sauya zuwa tsarin da ke kiyaye faɗi, kamar `ESRI:102022` na Afirka. Kana kuma iya yin naka mai tsakiya a Nijeriya ta `Settings` sai `Custom Projections`:

```
+proj=laea +lat_0=9 +lon_0=8 +datum=WGS84 +units=m +no_defs
```

Irin wannan tsari faɗi yake kiyayewa. Kada ka auna tsawon titi ko ka yi `Buffer` mai bukatar daidaito a cikinsa nesa da tsakiyarsa. Ga nisa mai tsawo `$length` ya fi.

Na yi komai daidai, amma faɗin fulotina bai yi daidai da abin da tef ya ba ni ba. Saura me?

Mai yiwuwa ba CRS ba ne. Fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100 murabba'in mita 464.5 ne, faɗinsa mita 15 da ɗan kai. GPS na waya yakan kauce da mita 3 zuwa 5 a fili buɗaɗɗe, ya fi haka a tsakanin gine-gine ko ƙarƙashin darbejiya. Kaucewar mita 3 a gefe ɗaya na filin da faɗinsa mita 15 ne ta ci kashi ɗaya cikin biyar na faɗin, alhali ragin UTM a kan fulotin bai kai rabin murabba'in mita ba. Hoton tauraron ɗan'adam ma yakan kauce da 'yan mitoci, kuma hotunan shekaru dabam ba sa hawa kan juna daidai. A ƙaramin fili, tef ya fi waya gaskiya.

A manyan ayyuka akwai wani ɗan bambanci da safiyoyi ke lissafawa. QGIS na auna nisa a kan siffar duniya, kusan daidai da matakin teku, Katsina kuwa tana sama da shi da wajen mita 500. Wannan na sa nisan da aka auna a doron ƙasa ya fi na lissafi da kusan santimita 8 a kilomita. Haɗe da ragin UTM, layin da ya kai kilomita ɗaya a ƙasa a Daura zai fito wajen mita 999.6 a taswira. Tef da aka ja a kan gangare kuma yana ba da tsawon gangaren ne, taswira kuwa tsawon kwance take nunawa, don haka a gefen dutse ko kwazazzabo na tef zai fi tsawo.